Hoton ganyen ya ɓace, ga abin da bayaninka ya nuna

Assalamu alaikum. Ina da tumatir wajen gindi 400, mako tara da dashe, ya fara 'ya'ya. Kwana goma da suka wuce na ga tabo a ganye, na ɗauki hoto don in turo, sai wayar ta faɗa ruwa ta mutu, wadda nake riƙe da ita yanzu kuma ba ta hoto. Tabon ruwan ƙasa ne mai duhu, busasshe, manyan sun kai farcen ƙaramin yatsa, da zobe-zobe a ciki, gefensu rawaya. Daga ganyen ƙasa ya fara, yana hawa, na ƙasan suna bushewa su zube, saman yana nan kore. Ya soma a kusurwar da ruwa ke kwanciya, yanzu ya kai kusan rabin gonar. Mako biyu ke nan ana ruwa da yamma kusan duk bayan kwana biyu, raɓa da safe, zafi da rana. Ban kafa masa sanda ba, kuma bara ma tumatir na yi a wurin. Mai sayar da magani ya ce in sayi mai metalaksil. In saya? In tumɓuke waɗanda suka kamu? Ko in jira in sami hoto tukuna?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alherin wayar. Kada ka jira hoto, domin abin da ka rubuta ya ishe mu mu fara aiki, kuma kowane ruwan yamma da zai sauka kana jira, sabon ganye ne zai kamu.

Hoton da ya ɓace, da ya iso, ganye ɗaya zai nuna mini a rana ɗaya. Ba zai gaya mini daga wane ɓangare na tsiron aka tsinko shi ba, ba zai gaya mini saurin da cutar ke yi ba, kuma ba zai faɗi yadda sama ta kasance ba. A tumatir, cututtuka da dama suna yin tabo mai ruwan ƙasa, har ƙwararre yakan rikice idan aka ajiye masa ganye ɗaya tak. Abin da ke rarrabe su shi ne inda suka fara, yadda suke tafiya, da yanayin da suka samu. Waɗannan ukun duk ka kawo su.

Bayaninka ya fi karkata ga cutar da fumfunar Altanariya ke haddasawa, wadda malaman gona ke kira ƙunar ganye ta farko. Zoben nan da ka gani, wani cikin wani, shi ne babbar shaida. Fumfunar tana cin ganye tana faɗaɗa daga tsakiya zuwa waje, idan akwai laima ta ci gaba, idan ya bushe ta lafa, sai tabon ya fito da layi-layi a zagaye. Rawayan da ke kewaye da shi kuwa gubar da take fitarwa ce ke kashe koren ganyen tun kafin ita kanta ta isa wurin. Shi ya sa ganyen da ke da tabo huɗu ko biyar kacal yakan yi rawaya gaba ɗaya ya faɗi.

Farawarta daga ƙasa ma tana da dalili. Wannan fumfuna tana rayuwa a cikin ragowar ganye da karan tumatir da suka ruɓe a ƙasa, tana iya shekara a haka, kai kuma ka maimaita shuka a wuri ɗaya. Idan ɗigon ruwan sama ya daki ƙasa, yana fantsama ƙasar da irin fumfunar a kan ganyen da ya fi kusa. Tsiron da ba a kafa masa sanda ba ganyensa kwance yake a ƙasa, ba ma sai an fantsama ba. Sannan wannan cuta ta fi son tsohon ganye, kuma tana ƙarfi a daidai lokacin da tsiro ya ɗauki nauyin 'ya'ya, domin a lokacin yana kwashe abinci daga ganyen ƙasa yana kai wa 'ya'yan. Mako tara da dashe, ga 'ya'ya sun fara, lokacinta ke nan.

Yanayin da ka faɗa shi ne ya ƙara kwantar mini da hankali a kan wannan hukunci. Fumfunar ta fi bunƙasa a ɗumi, wajen digiri 24 zuwa 29, kuma ta fi son a jiƙe a bushe, a jiƙe a bushe. Ruwan yamma yana barin ganye a jiƙe har dare, raɓa ta karɓa har safiya, cikin waɗannan sa'o'i irin fumfunar ke tsiro ya shiga ganye. Da rana ta take, ganye ya bushe, sabon irin da aka yi cikin dare ya tashi a iska ya sauka a kan tsiron gaba. Kusurwar da ruwa ke kwanciya ita ce ta fi daɗewa ba ta bushe ba, don haka can ta fara.

Yanzu ga waɗanda na ajiye gefe, da dalili. Wadda ta fi ba ni tsoro a duk lokacin da aka ce tumatir da ruwan sama ita ce ƙunar ganye ta ƙarshe, irin wadda ta cinye dankalin ƙasar Ailan daga shekarar 1845 har aka yi yunwa. Ita tabonta babba ne, ba shi da tsari, launinsa kore mai toka kamar ganyen ya sha mai, ba ya bin tsarin daga ƙasa zuwa sama, yana iya farawa ko a sabon toho. Tana son sanyi da hazo, kwanaki a jere rana ba ta fito sosai ba. Kuma tana da sauri ƙwarai: idan yanayi ya yi mata, kwana goma sun ishe ta ta baƙanta gona. Kai bayan kwana goma saman tsironka yana nan kore, rana kuma tana zafi. Wannan ya nisanta ta, amma bai kore ta gaba ɗaya ba, don cututtuka biyu suna iya haɗuwa a gona ɗaya. Zan dawo kanta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Tabon bakteriya ƙanana ne, ba sa kai girman da ka faɗa, ba su da zobe. Tsutsar da ke haƙa cikin ganye tana barin wuri fari-fari da ake ganin haske ta cikinsa, da baƙin kashinta a ciki. Ƙarancin abinci a ƙasa yana sa rawaya a tsakanin jijiyoyin ganye, kuma yakan fito kusan bai ɗaya a wurin da ƙasa take iri ɗaya, ba ya tashi daga kusurwa ya bi tsiro ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata fumfunar dabam da take yin tabo mai zobe a yanayin ɗumi da laima, wadda da ido kawai da wuya a raba ta da Altanariya, ko da hoto mai kyau. Wannan ita ce iyakar abin da bayani zai iya yi. Sai dai ba abin damuwa ba ne a gare ka, tunda matakan da za ka ɗauka a gona kusan iri ɗaya ne.

Abu ɗaya ya rage a bayaninka, kuma shi ne abin da yawancin masu ɗaukar hoto ma suke mantawa: bayan ganyen. Gobe da sassafe, kafin raɓa ta bushe, ka shiga kusurwar nan ka juya ganyen da ke da tabo, musamman waɗanda suka fi sabunta. Ka duba bakin tabon ta baya. Idan ka ga wani farin gashi-gashi siriri a inda tabo ya haɗu da lafiyayyen ganye, magana ta canja, wannan ƙunar ƙarshe ce. Idan ba ka ga komai ba, ka ƙara tabbatarwa da gwajin leda. Ka tsinko ganye uku ko huɗu masu tabo, waɗanda har yanzu suna da kore, ka sa su a farar leda tare da ɗan tsumma ko takarda da ka jiƙa ka matse. Ka hura iska kaɗan ka ɗaure bakin, ka ajiye a wuri mai inuwa da sanyi. Kada rana ta taɓa ledar, don ganyen zai dahu. Bayan kwana ɗaya ka buɗe. Farin gashi a bakin tabo ta baya na nuna ƙunar ƙarshe. Idan kuma tabon ya ƙara duhu, samansa ya yi wata baƙar ƙura mai laushi, Altanariya ce ke zuba iri. Kada ka bar ledar ta wuce kwana biyu, domin daga nan wasu fumfunonin da ke cin mataccen ganye za su fito su ruɗe ka.

Tun da ka shiga, ka duba kara da 'ya'ya. A kara, cutar da nake zato tana yin tabo mai tsawo, ɗan lotsattse, shi ma da zobe. A 'ya'ya tana kama wajen da ɗan ya manne da reshe, wurin ya lotsa ya yi baƙi ya yi tauri kamar fata. Idan baƙin yana ƙasan ɗan tumatirin ne, ɓangaren da fure ya faɗi, wannan wata matsala ce dabam da ke da alaƙa da rashin daidaiton ruwa da sinadarin kalsiyam, feshin fumfuna ba ya yi mata komai.

Batun tumɓukewa, a'a. Wannan ba cutar da ke zaune cikin jijiya ko saiwa ba ce. Tsiron da samansa yake kore zai iya kai 'ya'yansa su nuna idan aka tsare ganyen da ya rage. Ganye za ka cire, ba gindi ba. Ka bari sai rana ta yi, ganye ya bushe sarai, sannan ka fara daga ɓangaren da bai kamu ba ka ƙare a kusurwar da ta fi kamuwa, don kada hannunka da tufafinka su kwashi cuta su kai inda babu. A kowane gindi ka cire ganyen ƙasa masu tabo da duk wanda ke taɓa ƙasa, har ya zama akwai fili kamar santimita 30 tsakanin ƙasa da ganyen farko. Amma kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen gindi ɗaya a lokaci guda. Na san zuciya za ta so ka tsige duk ganyen da ke da ɗigo, to ganyen nan shi ke ciyar da 'ya'ya, shi ke yi musu inuwa, idan ka tsiraita su rana za ta ƙona gefensu ya yi fari. Ganyen da ka cire ka zuba a buhu tun a nan, haɗe da busassun da suka riga suka zube, ka fitar daga gonar ka binne da zurfi ko ka ƙona. Wanda ya tsige ya yar a tsakanin kunya bai rage komai ba, don fumfunar tana ci gaba da zuba iri a kan mataccen ganye.

Bayan haka sai sanda. Mako tara an ɗan makara, tsiron ya riga ya bazu, amma ana iya yi a hankali: ka kafa sandar da ɗan nisa daga gindi don kada ka yanke saiwa, ka ɗaga rassan ka ɗaure da tsumma ko igiya mai laushi, ba da ƙarfi ba. Idan gindi 400 sun yi maka yawa a lokaci ɗaya, ka fara da layukan da ke kan iyaka tsakanin inda ya kamu da inda bai kamu ba. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinsu, ita ce za ta tare ɗigon ruwa kada ya fantsamo ƙasa. Kusurwar nan kuma ka yi mata 'yar hanyar ruwa ya riƙa fita. A ganina waɗannan ayyukan hannu sun kai feshi muhimmanci, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa, saboda sayen magani ya fi sauƙi.

To, maganin da aka ce ka saya. Metalaksil magani ne mai kyau, amma na ƙunar ƙarshe ne da danginta, ba ya aiki a kan Altanariya. Sau da yawa ana sayar da shi a gauraye da mankozeb, kuma idan ka fesa irin wannan ka ga sauƙi, mankozeb ɗin ne ya yi aikin, kuɗin ɗayan ya tafi a banza. Don haka kada ka saya sai ka ga sakamakon leda. Idan babu farin gashi, abin da kake buƙata shi ne mankozeb zalla ko kulorotalonil. Kada ka tsaya ga sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin fakiti, ka nemi layin da aka rubuta sinadarin da ke ciki, ka kuma tabbatar an rubuta tumatir a cikin amfanin da ake fesa wa.

Ka fahimci yadda waɗannan biyun ke aiki, don kada ka yi zaton sun gaza. Ba sa shiga cikin ganye. Suna kwanciya ne a samansa, su kashe irin fumfunar da ya sauka kafin ya shiga. Tabon da ya riga ya fito ba zai goge ba har abada, ganyen da ya yi rawaya ba zai koma kore ba. Har ma za ka ga wasu sababbin tabo sun fito cikin 'yan kwanaki bayan feshin farko, waɗannan cutar ta riga ta shiga tun kafin ka fesa, ba ta bayyana ba ne kawai. Wannan ne ma dalilin da ya sa za ka fesa gonar duka, har rabin da kake ganin lafiyarsa lau, kuma da shi za ka fara.

Garin mankozeb mai ƙarfin kashi 80 cikin 100 yawanci ana sa giram 2 zuwa 2.5 a kowace lita ta ruwa, wato giram 32 zuwa 40 a injin goyo mai lita 16. Idan takardar jikin naka ta faɗi wani adadi dabam, ita za ka bi. Ka dama garin a ɗan ruwa a bokiti tukuna ya narke, sannan ka juye a injin, kana girgizawa lokaci-lokaci don yana kwantawa. Ka fesa a kan busasshen ganye, sama da ƙasansa, har ya jiƙe amma bai kai ga zuba ba. Da yake da yamma ruwanku ke zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi tsanani, don maganin ya sami sa'o'i ya bushe a jikin ganye. Muddin ana wannan ruwa ka maimaita duk kwana 7, idan sama ta ɗauke ka kai shi kwana 10. Ruwa mai ƙarfi yana wanke shi, sabon ganyen da ya fito bayan feshi kuma ba shi da kariya ko kaɗan. Ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu da doguwar riga, ka yi wanka bayan ka gama. Idan 'ya'ya suka fara nuna, ka duba kwanakin da takardar ta ce a bari tsakanin feshi da tsinka, ka kiyaye su, domin mutane ne za su ci.

Ta yaya za ka san aikin yana ci? Ido yana yaudara idan kullum kana kallon gona ɗaya, don haka ka yi alama. Ranar da ka yi feshin farko ka zaɓi gindi goma: huɗu a kusurwar da ta kamu, uku a kan iyaka, uku a inda babu cuta. A kowanne ka ɗaura zare a kan kara, daidai saman ganye mafi tsawo da ke da tabo. Waɗanda ba su da tabo ka ɗaura a ƙasan ganyen farko. Bayan mako ɗaya kada ka yanke hukunci, saboda dalilin da na faɗa. Bayan mako biyu, wato an yi feshi biyu, ka ƙirga ganye nawa ne suka yi tabo a saman zare. Idan ɗaya ne ko babu a yawancinsu, ukun can kuma suna nan tsaf, ci gaba da abin da kake yi. Idan kuwa tabo ya haye ganye uku ko huɗu a mafi yawansu, lokaci ya yi da za a shigo da maganin da ke shiga cikin ganye, irin su difenokonazol. Irin wannan ba a maimaita shi sau da yawa a jere, ana musanya shi da mankozeb, don fumfuna tana sabawa da shi ya daina aiki. A wannan mataki ka kai wa malamin gona ganye a hannu, sabon tsinka, a naɗe cikin busasshiyar takarda, tare da wannan lissafi na zare. Ganye na gaske ya fi kowane hoto.

Ka kuma duba abincin tsiron. Idan ganyen tsakiya ya kode, koren ya yi haske, ɗan ƙarin taki mai naitirojin a gefen gindi zai taimaka masa ya jure, tunda cutar ta fi cin tsiron da ya raunana. Kaɗan nake nufi. Idan ya yi yawa ganye zai yi duhu ya cunkushe, laima ta daɗe a ciki.

Idan ka sami aron waya, ba laifi ka sake ɗauka, tunda cutar tana nan a gona. Ka ɗauki gaban ganye da bayansa a inuwa, da yatsanka kusa da tabon don a ga girma, sannan gindi ɗaya daga ƙasa har sama, sannan gonar daga nesa. Amma wannan ƙari ne, kada ya tsayar da aikin gobe.

Bayan girbi ka kwashe karan duka daga wurin, kuma ka huta da tumatir a wannan fili shekara biyu zuwa uku. Dankalin turawa, gauta da barkono ma kada su shiga, dangi ɗaya ne da tumatir. Hatsi ko wake sun fi dacewa da wurin a tsakani.

Idan kuwa ka buɗe leda ka tarar da farin gashi, tsarin ya sauya a ranar. A nan ne gaurayen metalaksil da mankozeb ya dace, kuma ba a jiran mako biyu ana ƙirga zare. Ka fesa gonar duka da zarar ganye ya bushe, gindin da cutar ta kama karansa ka tumɓuke shi ka sa a buhu ka fitar, ka riƙa zagayawa kowace safiya, ka kuma sanar da masu tumatir da dankalin turawa da ke kusa da kai, domin irin wannan cuta iska na kai shi nesa.